Sanarwar konkur ta zo a waya: abin da za a duba kafin a kashe ko dala

A fadojin matasan Kara-Kara, kamar a sauran unguwannin Damagaram, labarin ɗaukar ma'aikata yakan iso ne ta waya. Wani ya turo hoton takarda mai tambarin ƙasa, da hatimi, da sa hannu, an ce gwamnati za ta ɗauki ƴan sanda ko malaman asibiti. Kafin la'asar an fara neman rancen kuɗin haɗa dosiye. A unguwar da aka kafa don masu cutar kuturta, wadda matasanta suka daɗe suna kukan ana mayar da su baya, irin wannan labari ba ya jiran bincike. Sai dai tambari da hatimi su ne abin da ya fi sauƙin kwaikwayo a takarda, don haka ba a kansu ya kamata ido ya tsaya ba.

A Nijar, dokar ma'aikatan gwamnati, mai lamba 2007-26 ta 23 ga Yulin 2007, ta sa konkur ya zama babbar ƙofar shiga aiki. Ba a buɗe konkur da baki. Minista ne ke sa hannu a takardar hukunci, wadda ake kira arete, mai lamba da kwanan wata, sannan a fitar da sanarwa a kanta. Saboda haka tambaya ta farko ita ce: wane ofishin minista ne ya fitar, kuma ina lambar? Mai lamba a hannu yana iya zuwa ofishin ma'aikatan gwamnati na jiha, ko kwamisariya idan na ƴan sanda ne, ya tambaya ko sun san da ita. Sanarwar gaskiya akan manna ta a allon ofishi, a karanta ta a Muryar Sahel da Tele Sahel, a buga ta a jaridar Le Sahel. Wadda ke yawo a waya kwana uku, amma ba rediyon da ya karanta ta, ba ofishin da ya manna ta, ta riga ta faɗi jarrabawarta. A kuma duba shekara da kyau, domin ƴan damfara sukan ɗauko tsohuwar sanarwar gaskiya su canza kwanan wata da lambar waya kawai. Adireshin hukumomin gwamnati kuwa yakan ƙare da gouv.ne, ba wani dogon suna mai alkawarin aiki ba.

Alama ta biyu ita ce hanyar kuɗi. Konkur na gaskiya ma yana cin kuɗi: akwai tambur, akwai kuɗin buga hatimi a kofen takardu, sau da yawa akwai kuɗin rajista. Bambancin shi ne an rubuta adadin a cikin sanarwa, ana biya a wurin da ta ambata, a karɓi rasit mai lamba da za a saka cikin dosiye. Duk wanda ya ce a tura masa jika 10 ta lambar wayarsa don ya “riƙe wa mutum wuri”, ba konkur yake shiryawa ba. Hukuma ba ta sayar da wuri, wanda ya saya kuma ba shi da bakin kai ƙara cikin sauƙi, tunda shi ma ya sa hannu a cuwa-cuwa.

To, a ce sanarwar ta tabbata. Sauran aiki shi ne mutum ya auna kansa da ita, kuma a nan ne aka fi asarar kuɗi. Konkur iri biyu ne. Akwai direkt, na waɗanda ba su taɓa shiga aikin gwamnati ba, akwai kuma furofesiyonel, na ma'aikatan da ke neman ƙarin matsayi. Wanda ba shi da lambar ma'aikaci, na biyun ba nasa ba ne ko da digiri uku gare shi. Ayyukan kuma an kasa su rukuni A, B, C da D, kowane da takardar makarantar da yake nema. Mai digirin Jami'ar André Salifou yakan tarar ana neman shaidar ya yi aikin bautar ƙasa, wato sabis sibik.

A ɗauki misalin wani matashi mai birbe, mazaunin Kara-Kara, wanda aka haifa a Tanut a 2001. A ce sanarwar 2026 ta nemi masu birbe da ba su wuce shekara 25 ba zuwa 31 ga Disamba. Shi ya shiga, amma a bakin iyaka: idan sharaɗin bai canza ba, baɗi ya fita. Abokinsa na 2000 kuwa gara ya adana kuɗinsa, domin ana lissafi da abin da ke rubuce a takardar haihuwa, ko hukuncin kotu da ke maye gurbinta, ba da yadda mutum yake ji a jikinsa ba.

Daga nan sai ya shimfiɗa takardunsa a tabarma ya karanta sunansa harafi-harafi. Idan takardar haihuwa ta ce Mahamadou, birbe ta ce Mahaman, takardar zama ɗan ƙasa kuma ta ɗauko wani rubutun, kwamitin tantance dosiye yana iya ganin mutum biyu ko uku. Gyaran irin wannan sai an bi ta kotu ko hukumar da ta ba da takardar, kuma ba aikin mako ɗaya ba ne. Kaziye, takardar da ke nuna ko kotu ta taɓa hukunta mutum, ita kuma tana da tarko biyu. Ana neman wadda ba ta wuce wata uku ba, saboda haka ta bara ba ta da amfani. Sannan kotun yankin da aka haifi mutum ce ke ba da ita, wato matashinmu Tanut zai nufa, ba kotun Damagaram ba. Idan kwana goma ya rage a rufe karɓar dosiye, da ita zai fara, ya bar hoto da takardar likita zuwa ƙarshe. Ranar da ya ajiye dosiye kuma kada ya fito sai da takardar shaidar karɓa.

Ajiye dosiye ba cin konkur ba ne. Jerin farko da ake mannawa na waɗanda aka yarda su zauna jarrabawa ne kawai, kuma a lokacin ne ake gyara suna idan an yi kuskure. Bayan haka sai rubutu. A aikin kaki akan ƙara da gudu da awon tsayi da binciken likita. Wani lokaci akan fitar da jerin waɗanda suka tsallake zagayen farko, sai dangi su fara guɗa alhali da sauran zagaye. Ci na ƙarshe shi ne wanda ya fito a takardar hukunci mai sa hannu, bisa jerin maki, daidai yawan guraben da aka sanar. Ƴan jerin jira ba su da wuri sai wani ya janye.

Tsakanin waɗannan jerin ne wayar ƴan damfara ta fi yin ƙara. Sunaye suna manne a bango, kowa na iya kwafa. Sai a kira uba ko uwa: “Alhaji, ɗanka ya kusa, maki kaɗan ya rage, a turo wani abu kafin gobe.” Idan yaron ya ci da ƙoƙarinsa, mai kiran ya ce aikinsa ne. Idan ya faɗi, lambar ta daina shiga.

Ko wanda ya ci ma ba ya zama cikakken ma'aikaci nan take. Akan fara da horo a makaranta ko shekarar gwaji kafin a tabbatar da shi, albashin farko kuma yana iya ɗaukar watanni kafin ya fito. Mai niyyar cin bashi don haɗa dosiye ya sa waɗannan watanni cikin lissafinsa.