Lanƙwasar layi: inda ɗalibai ke zamewa a mataki na biyu

Wani lokaci ba a rubuta y kai tsaye da x. Sai a ce dukansu biyu sun dogara ga wani harafi na uku, t, wanda sau da yawa lokaci ne. Ɗauki x = t², y = t³, da t sama da sifili.

Gangarar layin ba ta da wuya. Saurin canjin y shi ne dy/dt = 3t², na x kuma dx/dt = 2t. A raba na farko da na biyu, a samu dy/dx = 3t/2. Sharaɗi dai kada dx/dt ya zama sifili.

A mataki na biyu, wato d²y/dx², wanda ke nuna yadda layin ke lanƙwasa, nan ake yawan faɗuwa. Ɗalibi ya ga dy/dx = 3t/2, ya nemi canjinsa ya samu 3/2, ya ajiye biro. Bai gama ba. Abin da ya samu canjin gangara ne bisa t, alhali tambayar bisa x take. Dole ya sake rabawa da dx/dt: 3/2 a raba da 2t, amsa 3/(4t).

Wasu kuma sukan raba d²y/dt² da d²x/dt², wato 6t da 2, su samu 3t. Wannan kuskuren ya fi damuna, domin kamar daidai yake a ido.

Ana iya tantancewa. A kawar da t, layin ya zama y = x^(3/2), canjinsa na biyu kuwa 3/(4√x). A t = 2, x ya zama 4, amsa 3/8. Hanyoyin kuskuren sun ba da 3/2 da 6.