Faifai huɗu ka saya, terabait nawa ne naka?

A ce mai tace fina-finai ya sayi faifan ajiya huɗu, kowanne terabait 4, ya jera su a akwati ɗaya don kwamfuta ta ɗauke su tamkar faifai guda. Wannan haɗi shi ake kira RAID, sunan da ya bazu daga wata maƙala da masana uku na jami'ar Berkeley ta Amurka suka fitar a 1988. Kuɗin terabait 16 ya biya, amma abin da zai mora ya danganta da tsarin da ya zaɓa.

A RAID 0 duka 16 ɗin nasa ne, ga sauri, domin ana yayyanka kowane fayil a rarraba wa faifan. Sai dai ranar da ɗaya ya mutu, komai ya tafi, don guntaye kawai suka rage a sauran ukun. RAID 1 kishiyarsa ne: abin da aka rubuta a wannan, shi za a rubuta a wancan. Faifai biyu terabait 4 kacal za su ba shi, ɗaya ya mutu aiki ya ci gaba. In ya sa huɗun duka su kwafi juna, 4 ɗin ne dai, amma ko uku sun mutu bai yi asara ba.

Dabarar tana RAID 5. Ka ɗauka faifai uku na riƙe da 3, 5 da 2, na huɗu ya rubuta jimillarsu, 10. Mai 5 ya lalace, sai a cire 3 da 2 daga 10, ga 5 ta dawo. Ainihin lissafin XOR ake ce masa, kuma warwatsa shi ake yi a dukkan faifan, amma wurin faifai ɗaya yake ci. Saura terabait 12, kuma mutuwar faifai ɗaya tak yake jurewa.

Nan gizo ke saƙa. In aka sa sabon faifai, dole a karance sauran ukun kaf kafin a cika shi, aikin sa'o'i da yawa. Su kuwa tare aka saye su, tare suka tsufa. Na biyu ya faɗi ana cikin haka, shi ke nan. RAID 6 yana ajiye lissafi iri biyu, don haka ko waɗanne biyu suka mutu, fim yana nan. Farashinsa wurin faifai biyu ne: 8 cikin 16. Da faifai takwas ne, da an samu 24 cikin 32, abin bai yi ciwo sosai ba.

Ni dai da manyan faifai, RAID 6 zan zaɓa. Amma fayil ɗin da ka goge da hannunka, nan take ya goge a dukkansu, saboda haka ka ajiye kwafi a wani wuri dabam.