Abin da ke sa rubutun shafi ya yi tsalle a idon mai karatu

Mai karatu ya buɗe labari a wayarsa, ya ci layi biyu ko uku, sai haruffan su sake kama, sakin layin ya zame ƙasa, maɓallin da ya kai yatsa zai taɓa ya gusa. Da yawa kan ɗora laifin a kan rashin ƙarfin sabis. Sabis yana da nasa kason, amma jinkiri lokacin da tsallen zai faru kawai yake tsaidawa. Abin da ke haifar da tsallen shi ne salon haruffan da aka fara nunawa da wanda ya zo ya maye gurbinsa ba girmansu ɗaya ba.

Mai gina shafi yana shaida wa burauza salon da yake so da dokar `@font-face`, inda yake ba da sunan salon da adireshin fayil ɗinsa, galibi nau'in WOFF2. Burauza ba ta ɗauko fayil ɗin da zarar ta ga dokar. Sai ta gama karanta CSS, ta tabbatar akwai rubutu a shafin da ke buƙatar salon, sannan ta aika neman sa. Ke nan rubutu ya kan riga salonsa isowa, dole kuma a yanke abin da za a nuna a tsakani. Hukuncin yana hannun `font-display`. Da `block`, rubutun yana ɓoye har kusan daƙiƙa 3 ana jira. Da `swap`, ana nuna shi nan take da salon wucin gadi, a musanya duk lokacin da na ainihi ya iso, ko da bayan daƙiƙa goma ne. `fallback` yana ɓoyewa na kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ya ba da kusan daƙiƙa 3 na damar musanya, sannan ya rufe ƙofa. `optional` kuwa ba ya musanya da zarar an riga an zana rubutu.

Tun da Google Fonts ya fara karɓar `display=swap` a 2019, wannan zaɓi ya zama kamar gishirin miya, kowa na barbaɗawa ba tare da tunani ba. Ya magance ɓoyewar rubutu, wannan gaskiya ne, amma shi ne kuma ya fi buɗe wa tsalle hanya. A ɗauki salon Inter, wanda haruffansa suka fi na Arial faɗi da kusan kashi 7 cikin ɗari. Sakin layin da ya ci layi 14 da Arial zai koma kusan layi 15 idan Inter ya sauka. In tsayin kowane layi fikisel 24 ne, kuma akwai irin wannan sakin layi huɗu a sama da inda idon mai karatu yake, wurin zai iya gusawa da fikisel 96. A fuskar waya wannan layi huɗu ne cur. Irin wannan motsi ne ma'aunin CLS da Google ya fitar a 2020 yake lissafawa, kuma shafin da makinsa ya wuce 0.1 ya fita daga sahun masu kyau.

Maganin da ya fi kama hankali shi ne a ɗinka salon wucin gadin daidai jikin na ainihi, yadda tela kan gwada riga kafin ya yanka yadi. Ana rubuta `@font-face` na biyu da ke kiran salon da ke cikin na'ura, sannan a miƙe shi ko a tsuke shi:

```css
@font-face {
  font-family: "Inter Fallback";
  src: local("Arial");
  size-adjust: 107%;
  ascent-override: 90%;
  descent-override: 22.5%;
  line-gap-override: 0%;
}
body { font-family: Inter, "Inter Fallback", sans-serif; }
```

`size-adjust` ne ke ɗaukar babban nauyin, domin shi ke sa layuka su karye a wuri guda a salon biyu. Sauran ukun tsayin layi suke daidaitawa, kuma akwai tarko a lissafinsu: burauza tana ninka su da `size-adjust`, don haka sai an fara raba su da shi. Hawan haruffan Inter kusan kashi 97 ne na girman salon, in aka raba da 1.07 sai a sami 90 ɗin da ke sama. Wanda ya rubuta 97 kai tsaye ya sake haifar da tsallen da hannunsa.

Wani zai ce, me ya kawo wannan wahala alhali ana iya sa `preload` fayil ɗin ya iso da wuri? Dabarar tana da amfani ga fayil ɗaya ko biyu, da sharaɗin a sa mata `crossorigin`, in ba haka ba burauza za ta sauke fayil ɗin sau biyu. Amma tsere ne kawai aka rage wa nisa, kuma a sabis mai rauni rubutu zai ci gaba da cin tseren. Wani kuma zai ce a sa `optional` a huta. Ga rubutun cikin labari ina ganin hujjarsa da ƙarfi, tun da mai karatu labari ya zo nema, kuma fayil ɗin zai iya zama a ajiye don shafi na gaba. Sai dai jaridar da kanun labaranta su ne fuskarta ba za ta so baƙon farko ya gan ta da kayan aro ba. A kanu, `swap` tare da salon wucin gadi da aka auna ya fi dacewa.

Awon ma yana da iyaka. `local("Arial")` yana aiki a Windows da na'urorin Apple, amma yawancin wayoyin Android ba su da Arial, Roboto suke da shi, don haka sai an yi masa nasa lissafin daban, in ba haka ba aikin ya wuce ta kan masu waya ba su amfana ba. Sannan alƙaluman da manhajojin lissafi ke bayarwa galibi an ɗora su ne a kan yawan bayyanar haruffa a Turanci. Hausa cike take da harafin a, saboda haka gara a zuba sakin layi na Hausa na gaske a salon biyu, a gwada faɗinsu, a raba.

Shafin Hausa yana da ƙarin matsala guda. Google Fonts yana yanka kowane salo gida-gida da `unicode-range`, kuma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba sa cikin gidan `latin`, suna cikin `latin-ext`, in ma salon yana da su. Kalma kamar "karɓaɓɓe" tana jiran fayil biyu ke nan, kuma za a iya musanya sau biyu a lokaci daban. In salon ba shi da su sam, burauza za ta aro su daga wani salo har abada, sai a ga ƙ ta fi maƙwabtanta kauri ko tsayi, wani lokaci ma ta ture layin. Mai shafin Hausa ya fi samun sauƙi in ya ajiye salon a sabarsa, ya yanko fayil guda mai ɗauke da haruffan boko da masu ƙugiya takwas, manya da ƙanana.

Gane ko an yi nasara ba ya buƙatar zato. A kayan aikin masu gini na Chrome, a shiga Network a rage gudun sabis, a kunna Disable cache, sannan a Rendering a kunna Layout Shift Regions a sake loda shafin. Duk wurin da ya gusa zai yi walƙiya da launi, kuma in walƙiyar ta zo daidai lokacin da fayil ɗin WOFF2 ya gama sauka, awon salon wucin gadin ne za a koma a gyara.