Jimla Uku Kafin a Buɗe Bakin Jaka: Yadda Ake Faɗa wa Mai Zuba Jari Matsala

Mai sabon kamfani da ke neman jari yakan shirya 'yan shafuka, goma ko sha biyu, da zai haska a allo gaban masu kuɗi. Shafin matsala kusan kullum yana cikin na farko, kuma a nan ne mai zuba jari ke yanke shawarar ko zai gyara zama ko zai ciro wayarsa. Mutumin nan yana sauraron irin wannan bayani da yawa a mako guda, don haka ba shi da lokacin doguwar shimfiɗa. Abubuwa uku yake nema: wa abin ke ci wa tuwo a ƙwarya, nawa yake ci masa, kuma me ya sa har yanzu ba a magance shi ba. Kowanne jimla guda ta ishe shi.

Shafukan da Airbnb ya nemi jari da su a farkon kafuwarsa, wajen 2008, sun yaɗu a hannun jama'a, kuma shafin matsalarsu layi uku ne. Na farko ya yi maganar damuwar matafiya da farashi, na biyu ya ce otal na raba baƙo da ainihin rayuwar gari, na uku ya ce babu hanya mai sauƙi ta kama ɗaki a gidan ɗan gari. Ba su ambaci kamfaninsu a shafin ba.

Mu ɗauki harkar da muka sani, wato safarar tumatir daga Kadawa da Kura a Jihar Kano zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, tafiyar kusan kilomita dubu. A ƙaddara wata matashiya ce ke son kafa kamfanin bayar da hayar akwatunan roba na zuba tumatir. Rubutunta na farko zai iya fitowa haka: "Noma shi ne ƙashin bayan tattalin arzikin Najeriya. Manoma na tafka asara bayan girbi. Babu wata manhaja da ke haɗa su da hanyar adana amfaninsu."

Jimlolin nan uku ne, amma babu wadda ta yi aikinta. Ta farko kowa ya san ta, kuma za ta shiga takardar mai sayar da taki ko mai hayar tarakta ba tare da an sauya harafi ba. Ta biyu ta ce "manoma", alhali manomin masara a Saminaka da mai noman rani a Kadawa ba ciwo ɗaya ke damun su ba. Ta ukun ce ta fi muni, domin magani ne aka sa wa rigar matsala. Babu ɗan kasuwar da ya taɓa kwana bai yi barci ba saboda rashin manhaja. Abin da ke hana shi barci shi ne ruwan tumatir da ke ɗiga ta ƙasan mota.

Gyaran jimlar farko yana farawa da tambayar da masu sababbin kamfanoni suka fi tsallakewa: asarar a aljihun wa take sauka? Manomin da ya sayar da kwandonsa a bakin gona ko ta hannun dillali ya karɓi kuɗinsa ya tafi gida. Wanda ya sayi kayan, ya biya lodi da kuɗin mota, shi ne zai tsaya a Legas yana kallo ana tsince ruɓaɓɓe. Shi ne mai ciwon, kuma shi ne zai iya biyan kuɗin haya. Idan jimlarta ta ambaci manomi alhali mai fataucin ne zai biya, mai zuba jari zai gane cewa ba ta san abokin cinikinta ba, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa ya sa ya janye. Ga jimlar bayan gyara: "Masu fataucin tumatir daga Kano zuwa Legas suna jera kwanduna kan juna a cikin mota, nauyin na sama yana matse na ƙasa har a isa kasuwa." Wanda bai taɓa zuwa Kura ba ma zai iya hango motar a zuciyarsa.

Jimla ta biyu ta lissafi ce, kuma a nan ake yawan zamewa. Abu mafi sauƙi shi ne a kwaso wani adadi na ƙasa baki ɗaya daga rahoto, a ce kashi kaza na tumatirin Najeriya na lalacewa. Mai zuba jari ya sha jin irinsa, kuma bai nuna masa cewa an taka ƙafa an je kasuwa ba. Ƙaramin adadi da mutum ya ƙirga da idonsa ya fi babban da ya aro. A ce, don misali kawai, ta bi lodi 20 ta tarar kowace mota mai kwando 400 tana rasa kimanin kwando 60, kuma kwandon yana Naira 20,000 a lokacin. Sai ta rubuta: "A lodi 20 da muka bibiya a ranin bana, kashi 15 cikin ɗari na kayan ya lalace, wato kusan Naira miliyan 1.2 a kowace mota."

Daga wannan jimla mai zuba jari zai yi nasa lissafin ba tare da an ce masa komai ba. Idan akwatin roba ya rage rabin asarar, an ceto Naira 600,000 a tafiya guda. Kenan ɗan kasuwa zai iya biyan hayar Naira 200,000 ya kuma ci riba. Lambar ta nuna masa cewa akwai ciniki a wurin.

Jimla ta uku ita ce ke bambanta wanda ya san harka da wanda ya karanta ta a takarda. Duk mai hankali zai ce: akwatin roba ai ba sabon abu ba ne, me ya hana 'yan kasuwa saye tuntuni? Cewa "ba su waye ba" raini ne, kuma ba gaskiya ba ne. Kwando yana da arha, idan ya isa Legas ba dole ne ya dawo ba. Akwati kuwa yana da tsada, sai an sauke, an tattara, an wanke, an biya mota ta maido shi Arewa ba komai a ciki, wasu kuma su salwanta a hanya. Don haka: "Akwatin roba yana hana matsewar, amma ɗan kasuwa ɗaya ba zai iya ɗaukar kuɗin sayensa da na maido shi Kano fanko ba, shi ya sa ake nan kan kwando." Ba ta ambaci kamfaninta ba, amma duk wanda ya ji ya riga ya fara tunanin wanda zai mallaki akwatunan ya riƙa bayar da haya, abin da shafi na gaba zai gabatar.

Kafin a kai jimlolin gaban masu kuɗi, a kai su gaban mai ciwon. A karanta wa wani Alhaji da ya shekara yana lodin tumatir. In ya ce "haka yake, har ma ya fi haka", an kama hanya. In ya ce "to, Allah ya taimaka" ya koma kan cinikinsa, ba matsalarsa aka rubuta ba. Wataƙila ma ya ce matsewa ba ta kai jinkirin hanya da zafin rana ɓarna ba, kuma in 'yan kasuwa da yawa suka faɗi haka, jimlar farko ce za a sake, ƙila har da kamfanin kansa.

Sai a lura da lokacin da aka ɗauki lambar. Farashin tumatir yana faɗuwa warwas a kakar noman rani, daga Janairu zuwa Afrilu, sannan ya yi tashin gwauron zabo da damina. Asarar da aka lissafa da farashin Yuli za ta fito da girman da ba nata ba, domin yawancin lodin Kano a rani ake yin sa. Mai zuba jarin da ya san harkar zai tambayi watan da aka yi ƙirgar, don haka a sa lokacin a cikin jimlar, a kuma fara da kashi cikin ɗari kafin a ambaci Naira.