Yadda Ƙashin 'Yan Sama Jannati Ya Toshe Injin Tace Fitsari

A ƙarshen 2009, injin da ke mayar da fitsari ruwan sha a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa ya tsaya cik, ko shekara bai cika da fara aiki ba. Tashar tana kewaya duniya a nisan kusan kilomita 400, kuma duk ɗigon ruwan da ke cikinta da roka aka kai shi, da tsada kuwa. Shi ya sa gumi da tururin numfashi da fitsari duk ake tattara su a sake sha.

Aikin injin dafawa ne. Ana rage matsin iska a cikin wata ganga, don fitsarin ya tafasa ba tare da zafi mai yawa ba. To amma inda nauyi ba ya aiki, tururi ba ya tashi sama ya bar ruwa a ƙasa. Dole gangar ta riƙa juyawa, ruwan ya manne a bangonta, tururin ya taru a tsakiya a zuƙe shi. Daga nan sai a haɗa shi da danshin da aka tsamo daga iskar ɗakuna, a bi da shi ta matatai, a sa masa aidin saboda ƙwayoyin cuta. Idan na'urar gwaji ta ga da saura, ruwan ya koma a sake.

Da aka dawo da gangar duniya aka buɗe, sai aka tarar da wani farin ɓawo ya toshe ta, irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi. Injiniyoyi suna zuba asid ɗin salfa a fitsarin don kada ya ruɓe, kuma sun gwada injin da fitsarin mutanen ƙasa ya yi lafiya lau. Fitsarin 'yan sama jannati kuwa cike yake da kalsiyam, shi ne ya haɗu da asid ɗin ya daskare.

Daga ƙashinsu kalsiyam ɗin ya fito. Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki na rushe tsoho yana gina sabo, gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Mai shawagi ba ya ɗora wa ƙugunsa da ƙafafunsa komai, sai rushewa ta fi gini, har ƙashin ƙugu ya riƙa rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari na kaurinsa kowane wata. Abin da ya zube ta ƙoda yake fita, ga kuma barazanar tsakuwar ƙoda. Dalilin ke nan da kowannensu ke motsa jiki kusan awa 2 a rana, yana gudu a kan na'ura an ɗaure shi da majanyi don kada ya tashi sama. Hakan na rage asarar, amma bayan an sauko ƙashin kan ɗauki shekaru yana farfaɗowa.

Da farko sai aka rage ruwan da ake tsamowa daga fitsarin, daga kashi 85 zuwa 70. A 2016 aka koma ga asid ɗin fosfaras, sannan aka ƙara wani injin da ke busar da kaurin fitsarin da ya rage. A 2023 hukumar NASA ta sanar da cewa an kai ga maido da kashi 98 na ruwan.

Iskar numfashi ma daga ruwan nan take. Da lantarkin hasken rana ake raba ruwa gida biyu, oksijin ya shiga ɗakuna, haidurojin a fitar da shi. A ganina cire gurɓatacciyar iskar da ake fesowa, wato kabon dayoksaid, ya fi wannan wuya. Iska mai ɗumi ba ta tashi a can, don haka wanda ya kwanta inda fanka ba ta kaiwa zai kwana yana shaƙar abin da ya fesar, ya farka da ciwon kai. Fankoki ne ke tura iskar cikin wasu ƙananan duwatsu masu ƙofofi da ke kama gubar, a gasa su su sake ta.

Jini da ruwan jiki su ma sukan bar ƙafafu su taru a kai, fuska ta kumbura, hanci ya toshe. A doguwar tafiya irin ta Frank Rubio, wanda ya yi kwana 371 daga 2022 zuwa 2023, ido likitoci ke yawan dubawa, domin a wasu mutanen bayan ƙwayar idon kan baje, jijiyar gani ta kumbura, karatu ya gagara sai da tabarau. Wasu sukan warke bayan sun dawo, wasu kuwa canjin kan zauna musu shekaru.