Yadda ake kunna ƙafa ɗaya a bar sauran bakwai

Injin ƙyanƙyasar ƙwai na farko da na haɗa da hannuna ya yi kwana uku yana aiki lafiya. Hita na kamawa tana saki, fanka na juyawa, zafi na tsaye wajen digiri 37.5 kamar yadda ƙwan kaza ke buƙata a kwanakinsa 21. A rana ta huɗu na ga ya kamata in ƙara 'yar fitila da za ta riƙa nuna cewa injin na raye. Layi ɗaya kacal na ƙara a manhajar. Fitila ta kama, amma nan take na ji ƙarar fanka ta ɗauke, hita ma ta mutu. Na duba wayoyi, na duba rile, babu abin da ya ƙone. Laifin yana cikin wannan layi:

```
PORTB = 0b00100000;
```

Kafin a ga abin da ya faru sai an san yadda ƙwaƙwalwar injin take riƙe da ƙafafunta. Allon da na yi amfani da shi Arduino Uno ne, mai ɗauke da ƙaramin aisi mai suna ATmega328P, na kamfanin Atmel, wanda Microchip ya saya a 2016. Irin wannan aisi shi ake kira maikurokwantirola: kwamfuta ce sukutum a cikin abin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, da ƙafafu 28. Ta ƙafafun nan yake ba da wuta ko ya ɗauke, bolt 5 ko sifili.

To amma ƙafafun ba ɗai-ɗai ake yi musu magana ba. An ɗaure su rukuni-rukuni, kowane rukuni da ma'ajiyarsa guda mai gurbi takwas, wadda ake kira rajista. Kowane gurbi bit ɗaya ne, 1 ko 0 kawai yake ɗauka. Rajistar `PORTB` ita ke riƙe da ƙafafun da aka rubuta wa lamba 8 zuwa 13 a jikin allon Uno. Ana ƙirga guraben daga dama, kuma daga sifili ake farawa: gurbi na 0 shi ne ƙafa ta 8, na 1 ƙafa ta 9, har gurbi na 5, wato ƙafa ta 13, inda 'yar fitilar allon take. Gurabe biyun ƙarshe, na 6 da na 7, ƙafafunsu na wurin kiristal ɗin da ke ba aisin bugun agogo, don haka ba a amfani da su a Uno.

A injina hita na kan gurbi na 0, fanka na kan na 1. Lokacin da duka biyu ke aiki, rajistar tana ɗauke da `00000011`. Da na rubuta layin can da alamar daidai, ban ce a kunna fitila kawai ba. Cewa na yi a share duk abin da ke ciki a zuba `00100000`. Sifilin da ke guraben hita da fanka umarni ne, kuma aisin ya bi shi.

Maganin wannan matsala shi masu sana'ar ke kira maski. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu rubuta lamba a jikin mota ko buhu ya ga irinsa: kwali ne ake hudawa, a ɗora, a fesa fenti. Fenti ba ya taɓa ko'ina sai inda hudar take. Maski lamba ce mai gurbi takwas da aka huda a gurbin da ake so kaɗai. Ana iya rubuta ta da hannu, amma an fi yin ta da `1 << 5`, ma'ana a ɗauki 1 a tura shi hagu sau biyar, sai ya zama `00100000`. Na fi son wannan hanya domin ido na saurin ɓata wajen ƙirga sifili, alhali 5 a fili take. A kan rubuta `PB5` a madadin 5, sunan ƙafar ke nan, ƙimarsa kuma 5 ce.

Idan kunnawa ake so, sai a haɗa maskin da abin da ke cikin rajista ta hanyar aikin `OR`, mai alamar `|`. Dokarsa ita ce a jera lambobi biyu gurbi da gurbi, duk inda ɗayansu ke da 1, amsa 1 ce.

```
PORTB |= (1 << PB5);

  00000011
| 00100000
= 00100011
```

A lura da abin da ya faru a guraben da maskin ke da sifili. Inda akwai 1 a da, ya zauna 1. Inda akwai 0, ya zauna 0. Sifili a nan yana nufin ba ruwana, kuma wannan ne ya bambanta shi da sifilin layina na farko. Fitila ta kama, hita da fanka na nan yadda suke.

Kashewa ta fi buƙatar natsuwa, a nan kuma na ga mutane sun fi tuntuɓe. Aikin da ake amfani da shi `AND` ne, mai alamar `&`, wanda ba ya ba da 1 sai lambobin biyu duk suna da 1 a gurbin. Ke nan sifili a maski na kashe gurbi, 1 kuma na barinsa. Don haka kwalin da ake buƙata a nan kishiyar na ɗazu ne: ko'ina 1, gurbin da za a kashe kaɗai sifili. Alamar `~` ita ke juya shi. Bari mu ce zafi ya kai, ana so hita ta tsaya:

```
PORTB &= ~(1 << PB0);

  00100011
& 11111110
= 00100010
```

Wanda ya manta `~` zai sami akasin abin da ya nema: hita ta ci gaba da ci, fanka da fitila su mutu. A injin ƙwai wannan mummunan abu ne, domin zafi zai taru wuri ɗaya ba iskar da za ta baza shi. Akwai kuma wanda zai sa `!` a madadin `~` don ya ji duk biyun ana ce musu korewa. Ba ɗaya ba ne. Alamar `!` ba ta duba gurbi-gurbi, tambayarta guda ce, lambar nan sifili ce ko a'a. Tunda maskin ba sifili ba ne, sai ta mayar da shi sifili gaba ɗaya, rajistar duka ta share. Manhajar da ke fassara rubutun zuwa harshen aisi za ta iya wucewa da shi ba tare da ta tsayar da kai ba, don a ƙa'idar harshen C halal ne. Alamar wannan kuskure ita ce ka kashe abu ɗaya, komai na rukunin ya mutu tare.

Na uku shi ne juyawa: in a kunne take ta mutu, in a kashe take ta kama. Aikin `XOR` ke yin haka, alamarsa `^`. Inda maski ke da 1 gurbin na juyawa, inda yake da 0 ba a taɓa shi. `PORTB ^= (1 << PB5);` zai mayar da `00100010` ya zama `00000010`, in an maimaita ya dawo yadda yake. Ga fitila mai ƙyaftawa babu kamarsa. Amma ban yarda a juya hita ko famfo da shi ba. Juyawa ba ta san halin da ƙafa ke ciki ba, in aka tsallake sau ɗaya ko aka yi sau biyu, daga nan kunnawa ta zama kashewa har sai an sake tayar da injin. Abin da kuskurensa ke jawo asara, a gaya masa kai tsaye ya kama ko ya mutu.

Wani lokaci maski daidai yake amma fitilar da ka jona sai ta yi ɗan haske dishi-dishi, rile kuma ya ƙi kamawa. Wannan yawanci `DDRB` aka manta. Ita ce rajistar da ke faɗa wa kowace ƙafa ko fitar da wuta za ta yi ko saurare, 1 fitarwa, 0 saurare, kuma aisin na tashi ne da duka a kan saurare. In ƙafa na saurare ka sa 1 a gurbinta na `PORTB`, abin da ka kunna wata rizisto ce ta cikin aisin mai kilo-om 20 zuwa 50, wadda wutar da ke bi ta cikinta kaɗan ce ƙwarai. Gyaran da maski ɗin dai ake yinsa, har ƙafafu uku a layi ɗaya:

```
DDRB |= (1 << PB0) | (1 << PB1) | (1 << PB5);
```

A kuma duba irin rile da aka saya, domin da yawa daga cikin ƙananan allunan rile na kasuwa sifili ne ke kunna su, 1 ya kashe.

Saura matsalar da ta fi ba ni wahala, don ba kullum take fitowa ba. Layin juyawar nan a ido umarni ɗaya ne, amma aisin taki uku yake yi: ya karanta rajista, ya yi lissafi, ya mayar da amsa. Su kuwa waɗannan aisi suna da tsarin katse aiki. Agogon ciki ko wata ƙafa na iya dakatar da abin da ake yi, a gudanar da wani ɗan aiki na gaggawa, sannan a dawo. A ce aikin kashe hita a irin wannan katsewa yake. Babban aiki ya karanta `00100011` zai juya fitila. Kafin ya mayar, katsewa ta shigo ta kashe hita, rajista ta zama `00100010`. An dawo, babban aiki bai san an yi haka ba, ya ƙarasa lissafinsa da tsohuwar lamba ya rubuta `00000011`. Hita ta sake kamawa, alhali manhajar na ganin ta kashe ta. Tazarar da wannan ke iya faruwa ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, shi ya sa injin zai iya yin kwanaki lafiya kafin ya yi sau ɗaya. In ka ga kuskure mai zuwa jefi-jefi a ƙafar da babban aiki ba ya ma taɓawa, amma rukuninsu ɗaya da wadda yake taɓawa, nan za ka fara dubawa.

Kunna gurbi ɗaya ko kashe shi da lamba tsayayya bai cika shiga wannan haɗari a ATmega328P ba, domin a kan fassara layin zuwa umarni guda, `sbi` ko `cbi`, wanda ba a katse shi a tsakiya. Juyawa da `^=` ba ta da wannan gata, haka ma taɓa gurabe biyu a layi ɗaya. Ana iya rufe katsewa da `cli()` kafin layin a buɗe da `sei()` bayansa. Ga juyawa kuma wannan aisi na da wata hanya da takardar bayaninsa ta ambata. Rajistar `PINB` ta karanta halin ƙafafu ce, amma in ka rubuta 1 a wani gurbinta, gurbin `PORTB` da ke daidai da shi zai juya, sifili kuma ba ya taɓa komai:

```
PINB = (1 << PB5);
```

A nan alamar daidai ita ce daidai, don babu abin da ake karantawa balle a mayar da tsohon labari. Da wannan layi fitilar injina take ƙyaftawa yanzu, hita kuma na barta a hannun `|=` da `&= ~`. Ba duk aisi ke da wannan dabara ba, tsoho kamar ATmega8 ba shi da ita, don haka kafin a kwafi layin zuwa wani allo a buɗe takardar bayanin aisin a duba sashen ƙafafu.