Lamba ɗaya, layi biyu: abin da ke raba kan rahoton PivotTable

A ɗauki misalin dillalin kayan masarufi a Kano mai shago biyu, babba da reshe. Ƙarshen wata ya yi, akawunsa ya haɗa cinikin shagunan biyu a takardar Excel guda, ya kuma fitar da PivotTable don maigida ya ga buhu nawa aka sayar na kowane kaya. Shinkafa mai kilo 50 lambarta 1045. Sai ga 1045 ta fito sau biyu a rahoton, ɗaya da buhu 120, ɗaya da buhu 80. Babu kuskuren bugu, babu wani bambanci da ido zai gani. Jimillar da ke can ƙasa ma daidai take. Matsalar ita ce, duk wanda ya karanta layin farko ya tsaya zai ce an sayar da 120, alhali 200 ne suka fita daga sito, kuma da wannan adadin ne za a yi odar wata mai zuwa.

Tun Excel 5.0 na shekarar 1993 kamfanin Microsoft ya saka PivotTable a manhajar, kuma aikinta shi ne tara abubuwa iri ɗaya wuri guda ta ba da jimillarsu. Sai dai ita ba kamanni take dubawa ba. Kowane gurbi a Excel yana riƙe abin da ke cikinsa ne ko dai a matsayin adadi, wanda ake iya tarawa da ɗebewa, ko a matsayin rubutu, wato jerin haruffa kamar suna. A wurin manhajar, adadi 1045 da rubutu 1045 ba su haɗa komai ba, don haka kowanne ya samu layinsa.

Ta ina rubutun ya shigo? A misalin dillalin, akawun babban shago da hannu yake buga lambobi, Excel kuma ta ɗauke su adadi. Reshe kuwa wata manhajar ciniki yake amfani da ita, wadda ke fitar da fayil ɗinta da lambobin kaya a matsayin rubutu. Da aka kwafo aka manna a ƙarƙashin na farko, sai layin tsaye guda ya ƙunshi iri biyu. Haka ma yake faruwa idan an riga an sa wa gurbi tsarin Text kafin a buga lamba a ciki, ko an fara ta da alamar ' don hana sifiri ɓacewa.

Abin da ke ƙara ɗaure wa mutane kai shi ne wasu kayan aikin Excel ɗin ba su damu da wannan bambanci ba. COUNTIF da SUMIF suna ɗaukar nau'in biyu abu ɗaya, har SUMIF ta ba da 200 cif. Akawu ya gwada su, ya ga komai lafiya, sai ya ɗora laifin kan PivotTable, wadda ita ce ma ta tona gaskiya.

Bincike a takardar asali ake yinsa, ba a jikin rahoton ba. Idan ba a taɓa tsarin gurabe ba, adadi yana jingina da gefen dama, rubutu kuma da hagu. Sau da yawa akwai ɗan koren tabo mai kusurwa uku a saman gurbin ta hagu, ɗauke da gargaɗin Number Stored as Text. Amma waɗannan alamu ba abin dogaro ba ne, domin mai son ado yana iya tsakaita komai, gargaɗin kuma ana iya kashe shi. Fomula ce ba ta ƙarya:

```
=ISNUMBER(A2)
=COUNT(A2:A601)
=COUNTA(A2:A601)
```

Ta farko tana ba da TRUE ga adadi, FALSE ga rubutu. Ta biyu tana ƙirga adadi kaɗai, ta uku kuma duk gurbin da ba fanko ba. Idan a cikin layuka 600 ta biyu ta ce 410, ta uku ta ce 600, to gurabe 190 rubutu ne, kuma ba mamaki su ne daidai layukan da suka zo daga reshe. Masu aiki da Excel ta Faransanci, kamar a Maraɗi da Damagaram, za su tarar da waɗannan fomuloli da sunayen ESTNUM, NB da NBVAL.

Nan ne yawancin mutane ke yin tuntuɓe. Sukan zaɓi layin duka, su canza tsarinsa zuwa Number, su zaci an gama. Canza tsari riga kawai yake sauyawa. Abin da ke cikin gurbin yana nan a rubutunsa har sai an sake shigar da shi. Hanya mafi sauri ita ce a mayar da tsarin layin General, a zaɓe shi, a je Data, a danna Text to Columns, sannan Finish. Wannan yana tilasta wa Excel ta sake karanta kowane gurbi, duk abin da ya yi kama da adadi ya koma adadi.

Kafin a danna ɗin dai, akwai tambayar da ta fi dabarar muhimmanci: shin wannan layin adadi ya kamata ya zama tun farko? Yawan buhu da farashi adadi ne, babu gardama. Lambar kaya kuwa suna ce da aka rubuta da alƙaluma, ba wanda zai tara 1045 da 1046 ya samu wani abu mai ma'ana. Idan a sito akwai kaya mai lamba 0731, mayar da ita adadi zai cinye sifirin ta koma 731, kuma in akwai wani kayan daban mai 731, sai PivotTable ta gwamutsa su a layi ɗaya. Wannan ya fi matsalar farko muni, tunda layi biyu aƙalla ana ganinsu. Lambar waya ta Nijeriya mai alƙaluma 11 da sifiri take farawa, haka lambobin asusun banki masu alƙaluma 10 da dama. Ga kuma wata iyaka: Excel ba ta riƙe fiye da alƙaluma 15 a adadi, don haka lamba mai 16 irin ta katin banki, alƙalaminta na ƙarshe sifiri zai koma, kuma ba ya dawowa.

Ga irin waɗannan, rubutu za a mayar da kowa. A Text to Columns ɗin, a mataki na uku sai a zaɓi Text maimakon General. Idan kuma wasu lambobin sun riga sun rasa sifirinsu, kuma an san duka alƙaluma huɗu ne, a buɗe sabon layi a gefe:

```
=TEXT(A2,"0000")
```

Wannan zai mayar da 731 ta zama 0731, ya bar 1045 yadda take, duka a rubuce. Da sabon layin za a gina rahoton.

Wani lokaci an yi duk wannan, lambar tana nan sau biyu. To a duba tsawonta da LEN: idan 1045 ta ba da 5 maimakon 4, akwai ɓoyayyen sarari a gabanta ko bayanta. TRIM tana share sarari na yau da kullum, amma ba ta taɓa wanda ake kwasowa daga shafukan intanet, mai lamba 160. Shi sai an haɗa masa da wata:

```
=TRIM(SUBSTITUTE(A2,CHAR(160),""))
```

Bayan gyara, rahoton ba zai motsa da kansa ba, domin PivotTable tana aiki ne da kwafin bayanan da ta ajiye tun lokacin da aka gina ta. Sai an danna Refresh kafin 120 da 80 su haɗe su zama 200. Idan tsohuwar lambar ta ci gaba da leƙowa a jerin zaɓi na rahoton, a shiga PivotTable Options, a ɓangaren Data, a mayar da Number of items to retain per field zuwa None, a sake danna Refresh. Akawun dillalin kuma ya sani cewa fayil ɗin reshe na wata mai zuwa da rubutu zai sake zuwa, don haka gara ya sa wa layin lambar kaya na babban shago tsarin Text kafin a fara buga cinikin ranar ɗaya ga wata.